Ƙiyasta Yawan Mutane Daga Hoton Taro: Nazarin Fili Ɗaya, Gida Talatin

Taro ya watse, sai gardama ta tashi a kan yawan waɗanda suka halarta. Masu shirya taron sun ce mutum 50,000 ne suka zo, waɗanda ba sa tare da su kuma sun ce ko 5,000 ba su kai ba. Abin da ke hannu shi ne hoto guda da jirgi mara matuƙi ya ɗauka daga sama, kyamararsa tana kallon ƙasa kai tsaye, a lokacin da babban mai jawabi yake kan dandamali. An miƙa hoton ga ma'aikata biyu, aka nemi su fitar da adadin da za su iya kare shi a gaban kowane ɓangare. Lambobin da ke cikin wannan nazari na misali ne, an tsara su yadda mai karatu zai iya bin lissafin da hannunsa, amma matakan da matsalolin su ne waɗanda ake cin karo da su a aikin gaske.

Hanyar da ma'aikatan suka bi ta samo asali daga Herbert Jacobs, ɗan jarida kuma malamin aikin jarida a Jami'ar California da ke Berkeley. A shekarun 1960 ɗalibai suna yawan taruwa don zanga-zanga a wani dandali na jami'ar wanda daɓensa ke da layuka kamar gidan dara, shi kuma yana kallonsu daga sama, sai ya riƙa ƙirga mutanen da ke cikin wasu gidaje, ya fitar da matsakaici, sannan ya ninka da yawan gidajen da mutane suka mamaye. Ya kuma bar ƙa'idar da har yau ake dogara da ita: a taro mai sakewa, mutum ɗaya yana cin murabba'in ƙafa 10, a taro mai cinkoso yana cin 4.5, a matsi mai tsanani kuma 2.5. Idan aka mayar da su ma'aunin mita, hakan yana nufin kimanin mutum 1, da mutum 2.4, da mutum 4.3 a kowane murabba'in mita.

Auna fili kafin a ƙirga ko mutum ɗaya

Aikin farko bai shafi mutane ba, ya shafi ƙasa. Daga taswira, filin yana da tsawon mita 120 da faɗin mita 80, wato murabba'in mita 9,600. Ma'aikatan ba su tsaya ga taswirar kaɗai ba, sai da suka auna tsawon wata katanga da ke gefen filin, wadda take fitowa sarai a hoton, domin su tabbatar da cewa nisan da suke karantawa a hoto ya yi daidai da na ƙasa. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne kuskure a tsawo yana ninka kansa idan aka zo lissafin faɗin fili. Wanda ya ƙara kashi 10 cikin ɗari a tsawo da faɗi duka, ya ƙara kashi 21 cikin ɗari a girman filin, kuma duk cinkoson da zai lissafa bayan haka zai karkace.

Wannan awo kaɗai ya isa a gwada iƙirarin masu shirya taron. Idan aka raba 50,000 da 9,600, za a sami mutum 5.2 a kowane murabba'in mita, kuma dole hakan ya kasance a ko'ina cikin filin, har kan dandamali da bakin katanga. Wannan ya zarce matsi mafi tsanani a ƙa'idar Jacobs, matsin da mutum ba ya iya juyawa yadda yake so. Hoton kuwa yana nuna ƙasa fili a tsakanin mutanen da ke baya. Tun kafin a fara ƙidaya, adadin 50,000 ya faɗi.

Sai aka duba ko hoton yana da kaifin da zai ba da damar ƙirga kai ɗaya-ɗaya. Faɗinsa ɗigo 5,400 ne, kuma ya ɗauko nisan mita 135 a ƙasa, saboda haka kowane ɗigo yana wakiltar santimita 2.5. Kan mutum idan aka kalle shi daga sama yana da faɗin santimita 15 zuwa 20, ke nan zai fito da ɗigo 6 zuwa 8. Wannan ya wadatar a bambanta kai da kafaɗa ko jaka. Da a ce kai yana fitowa da ɗigo biyu ko uku ne kawai, da mutanen da ke cikin matsi sun narke cikin juna, kuma da sai dai a ƙiyasta cinkoso da ido a ɗora shi kan ƙa'idar Jacobs, wanda hanya ce mai rauni sosai idan aka gwada ta da ƙirga kawuna.

Daga nan aka shimfiɗa layuka a kan hoton, kowane gida mita 5 a tsawo da mita 5 a faɗi, wato murabba'in mita 25. Filin ya kasu gida 24 a tsawo da 16 a faɗi, jimla 384. An zaɓi wannan girman ne saboda gida mai mita 10 zai ƙunshi mutum sama da 300 a wurin cinkoso, ido zai gaji, kuskure ya yawaita, gida mai mita 2 kuma zai sa mutane da yawa su faɗo a kan layi. An cire gida 14 da dandamali da motoci suka cinye, an kuma ware gida 10 da rumfuna suka rufe, waɗanda za a dawo kansu daga baya. Saura gida 360.

Kuskuren da ke jiran mai gaggawa

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A ƙidayar taro ba a yarda da wannan magana ba, domin ido yana da inda yake so ya sauka, kuma wurin shi ne gaban dandamali, inda kawuna suka jeru tsaf kuma hoton ya fi ɗaukar hankali. Mai gaggawa zai ƙirga gida ɗaya ko biyu a can, ya sami kimanin mutum 88 a gida, ya ninka da 384, ya fito da 33,792. Lissafinsa babu tangarɗa, ƙidayar da ya yi ma daidai ce, amma amsar ta ninka ta gaskiya fiye da sau biyu, saboda ya ɗauki wuri mafi cika ya mayar da shi wakilin filin gaba ɗaya. Wanda yake so ya rage taron zai yi irin wannan aiki daga baya, ya sami 'yan dubbai kaɗan. A ganina yawancin saɓanin da ake yi kan yawan mahalarta ba daga ƙidaya yake tasowa ba, daga zaɓen wurin da za a ƙirga ne.

Ma'aikatan sun yi maganin wannan da matakai biyu. Na farko, sun raba gida 360 ɗin zuwa sassa uku gwargwadon yadda cinkoso ya bayyana a hoton, kuma sun ja iyakokin tun kafin su ƙirga komai, don kada sakamako ya ja hannunsu. Sashen gaba, inda ba a ganin ƙasa ko kaɗan, ya ƙunshi gida 60. Sashen tsakiya, inda ake ganin ƙasa nan da can, ya ƙunshi gida 120. Sashen baya, inda mutane suke tsaye rukuni-rukuni da filaye a tsakaninsu, ya ƙunshi gida 180. A nan ido yana da amfani, domin ya iya rarrabe wuri mai cika da wuri mai sakewa, ko da bai iya faɗin adadi ba.

Mataki na biyu shi ne zaɓen gidajen da za a ƙirga ta hanyar ƙuri'a. An ba kowane gida lamba a cikin sashensa, sannan aka bar manhajar lissafi ta fitar da lambobi da kanta. Ga sashen gaba an rubuta wannan, ana maimaitawa har aka sami lambobi 8 mabambanta:

```
=RANDBETWEEN(1,60)
```

Haka aka yi aka fitar da gida 10 a tsakiya da gida 12 a baya, jimla 30. Sharaɗin da suka ɗaura wa kansu shi ne duk gidan da ƙuri'a ta faɗa a kansa sai an ƙirga shi, ko da ya zo babu kowa a ciki, ko da inuwa ta sa shi wahalar gani. Ɗaya daga cikin gidajen baya ya fito babu mutum ko ɗaya, kuma ɗaya ma'aikacin ya so a musanya shi, yana cewa gidan da babu kowa ba ya koya musu komai. Abokin aikinsa ya ƙi, kuma shi ne a kan daidai, domin akwai gidaje irinsa da dama a cikin 180 ɗin nan, kuma idan aka jefar da shi, matsakaicin baya zai tashi daga 15 zuwa sama da 16, wanda zai ƙara kusan mutum 250 da babu su a filin.

Yadda aka ƙirga, da abin da aka samu

An faɗaɗa kowane gida a fuskar kwamfuta har ya cika ta, ana ɗiga jan tabo a kan kowane kai da aka ƙirga don kada a maimaita shi ko a tsallake shi. Kai ake ƙirgawa, ba jiki ba, saboda daga sama jikkuna suna haɗuwa amma kowane mutum kai ɗaya gare shi. Matsalar da ta taso tun a gidan farko ita ce ta waɗanda layi ya ratsa ta kansu. Idan aka ƙirga duk wanda ya taɓa layi a gefe huɗu, kowane gida zai zama kamar ya fi girmansa, kuma da yake za a ninka shi sau 60 ko 180, ƙaramin ƙari zai zama babba. Ƙa'idar da suka bi ita ce wadda masu ƙirga ƙwayoyin jini a madubin likita suke bi: wanda ya taɓa layin sama ko na hagu ana lissafa shi, wanda ya taɓa layin ƙasa ko na dama ana barinsa ga gidan maƙwabta. Ta haka kowane mutum a filin yana da gida ɗaya tak.

A sashen gaba an sami 88, 95, 79, 92, 84, 101, 76 da 89. Jimlarsu 704, matsakaici 88 a gida, wato kimanin mutum 3.5 a murabba'in mita. Wannan ya zauna tsakanin cinkoso da matsi mai tsanani a ƙa'idar Jacobs, kuma ya dace da abin da ake gani a hoton. Ninka 88 da gida 60 ya ba da 5,280.

A tsakiya an sami 52, 41, 63, 47, 58, 39, 55, 44, 61 da 40, jimla 500, matsakaici 50, wato mutum 2 a murabba'in mita. Ninka 50 da gida 120 ya ba da 6,000. A baya kuwa lambobin sun warwatsu: 22, 6, 18, 31, 9, 0, 14, 25, 11, 4, 27 da 13. Jimlarsu 180, matsakaici 15, kuma ninka shi da gida 180 ya ba da 2,700. Da aka haɗa sassan uku, adadin mutanen da ake gani a hoton ya tsaya a 13,980.

Akwai wani tarko a wannan gaɓa da yake kama har waɗanda suka yi zaɓensu da ƙuri'a. Mutum zai iya tara gidajen 30 wuri ɗaya, ya ce jimlarsu 1,384 ce, matsakaicinsu ya ɗan haura 46, ya ninka da 360, ya sami 16,608. Wannan ya ɗara amsar daidai da mutum 2,628. Dalili shi ne sashen gaba kashi ɗaya ne cikin shida na filin, amma ya ba da gida 8 cikin 30, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na samfurin, yayin da sashen baya, wanda shi ne rabin filin, ya ba da gida 12 kawai. Matuƙar ba a ɗebi samfur daidai da girman kowane sashe ba, dole ne a ninka matsakaicin kowane sashe da yawan gidajensa daban, sannan a haɗa.

Iyakar abin da 13,980 ke nufi

Da ƙuri'a ta faɗa kan wasu gidaje dabam, da jimlar ta bambanta. Tambayar ita ce da nawa, kuma ana iya amsa ta daga lambobin da aka riga aka samu. A kowane sashe ana auna yadda gidajen suke nesa da matsakaicinsu, abin da manhajar lissafi take fitarwa da `STDEV.S`, sannan a yi wannan lissafi, inda `N` yake nufin yawan gidajen sashen, `s` warwatsuwar lambobin, `n` yawan gidajen da aka ƙirga, `SE` kuma kuskuren da ake tsammani a adadin sashen:

```
SE = N × s / √n
```

Warwatsuwar ta kusan zama ɗaya a sassan uku: 8.2 a gaba, 9.0 a tsakiya, 9.7 a baya. Amma da aka saka su cikin lissafin, kuskuren da ake tsammani ya fito kimanin 175 a gaba, 342 a tsakiya, 506 a baya. Ba a tara waɗannan kai tsaye, domin ba lallai su karkata gefe ɗaya a lokaci guda ba. Ana ninka kowanne da kansa, a haɗa su, sannan a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da jimlar, kuma a nan ta fito kimanin 635. Idan aka ruɓanya ta, kamar yadda aka saba yi don samun tabbacin kusan kashi 95 cikin ɗari, za a sami 1,270 sama ko ƙasa. Saboda haka adadin yana tsakanin 12,700 da 15,250.

Abin lura a nan, wanda yake saɓa wa tunanin yawancin mutane, shi ne rashin tabbas mafi girma bai fito daga wurin cinkoso ba. Ya fito daga baya, inda mutane ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na taron ba. A gaba mutane sun matsu har jikinsu ya daidaita tazarar da ke tsakaninsu, shi ya sa gidajen suka yi kama da juna, daga 76 zuwa 101. A baya kowa yana tsayawa inda ya ga dama, gida ɗaya babu kowa, na kusa da shi yana da 31, kuma wannan rashin daidaito ana ninka shi sau 180. Idan da ƙarin lokaci, a baya ya kamata a kashe shi, kuma can ɗin ne ya fi sauƙin ƙirgawa. Sai dai ribar tana raguwa, domin rage kuskure zuwa rabi yana bukatar a ninka yawan gidajen da ake ƙirgawa kusan sau huɗu.

Fitar da tazara tare da adadi ba alamar rauni ba ce, kuma tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka ba da lamba ɗaya a ƙeƙashe. Bayan gagarumin taron baƙaƙen fata maza da aka yi a birnin Washington a watan Oktoba na 1995, wanda aka yi wa laƙabi da tattakin mutum miliyan, hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta ƙasar Amurka ta ce mutum 400,000 ne suka halarta, masu shirya taron kuma suka yi barazanar zuwa kotu. Wata tawaga a Jami'ar Boston ƙarƙashin Farouk El-Baz ta sake nazarin hotunan, ta fitar da 837,000, tare da tazarar kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa. Daga baya majalisar dokokin ƙasar ta hana hukumar kashe kuɗi wajen ƙiyasta yawan masu taro a birnin.

Kurakuran da ƙarin samfur ba ya gyarawa

Tazarar 1,270 ta shafi sa'ar ƙuri'a kaɗai. Akwai kurakuran da suke karkata gefe ɗaya komai yawan gidajen da aka ƙirga, kuma su ne suka fi haɗari saboda lissafi ba ya nuna su.

Na farko shi ne na mai ƙirgawa da kansa. Ma'aikaci na biyu ya sake ƙirga wasu gidaje ba tare da ya ga tabon abokinsa ba. A baya da tsakiya sun dace, bambancinsu bai wuce mutum ɗaya ko biyu ba. A gaba kuwa na biyun ya riƙa samun ƙarin kimanin kashi 5 cikin ɗari, kuma da suka ɗora tabonsu kan juna sai suka ga waɗanda aka tsallake yara ne, da gajerun mutane, da masu hula mai launin tufafin na kusa da su. Irin wannan kuskure kusan kullum ragi yake jawowa, domin ya fi sauƙi a tsallake kai da a ƙirƙiro wanda babu shi. Kashi 5 cikin ɗari na 5,280 kimanin mutum 260 ne.

Na biyu shi ne gidaje 10 da ke ƙarƙashin rumfuna, murabba'in mita 250. Babu yadda za a ga mutanen daga sama, kuma ba daidai ba ne a ɗora musu matsakaicin sashen gaba don kawai suna kusa da dandamali, saboda wani hoto da aka ɗauka daga ƙasa ya nuna a kan kujeru suke zaune, kuma mai zama ya fi mai tsayuwa cin wuri. An ƙiyasta mutum 1 zuwa 2 a murabba'in mita, wato 250 zuwa 500, aka rubuta shi a layinsa daban tare da bayanin cewa ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba.

Na uku bai shafi wannan hoton sosai ba, amma shi ne ya fi lalata irin wannan aiki a wasu wurare. Da a karkace aka ɗauki hoton, daga saman bene misali, da layukan da aka ja daidai wa daida a kan hoto ba za su yanki fili daidai wa daida a ƙasa ba. Gidan da ke nesa zai ɗauko fili mai ninki da yawa na wanda ke kusa, kuma kawunan da ke gaba za su rufe filayen da ke bayansu har taro mai sakewa ya yi kama da cinkoso. Ana gane hakan idan girman kai yana raguwa daga ƙasan hoton zuwa samansa, ko kuma idan ana ganin fuskoki maimakon tsakiyar kai. A irin wannan hali sai an nemi aƙalla wurare huɗu da aka san matsayinsu a ƙasa, waɗanda babu uku daga cikinsu a kan layi ɗaya, kamar kusurwoyin filin, a gyara karkatar hoton da su kafin a ja layi. Ko bayan gyaran ma, mutanen da wasu suka kare ba za su dawo ba. Hoton da aka ɗauka kai tsaye daga sama shi ma yana da ɗan karkata a gefunansa, shi ya sa ma'aikatan suka gwada girman kai a tsakiyar hoton da kusurwoyinsa, suka ga bambancin bai kai abin da zai sauya ƙidaya ba.

Rahoton da suka miƙa ya ce mutanen da ke cikin filin a lokacin da aka ɗauki hoton sun kai kimanin 14,500, kuma zai yi wuya su gaza 13,000 ko su zarce 16,000. Sun cire lambobin ƙarshe da gangan, domin rubuta 13,980 zai sa mai karatu ya zaci an san adadin har zuwa mutum goma. Sun haɗa da hoton mai ɗauke da layuka, da iyakokin sassan uku, da lambobin gidaje 30 da ƙuri'a ta zaɓa, yadda duk mai shakka zai iya sake ƙirgawa da kansa.

Masu shirya taron sun kawo hujja ɗaya da take da nauyi, cewa mutane sun riƙa shigowa suna fita tun safe, saboda haka waɗanda suka halarta sun fi waɗanda ke cikin hoton. Ma'aikatan sun amince da hakan, suka ƙara sakin layi da ke bayyana cewa adadinsu na daƙiƙar da aka ɗauki hoton ne, kuma bai haɗa da waɗanda ke titunan da ke wajen katanga ba. Sanin jimlar duk wanda ya taka filin a ranar zai bukaci hotuna a lokuta daban-daban, tare da ƙidayar masu shiga da fita a ƙofofi, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka tanada kafin taron.